Na sa srand(time(NULL)) amma akwatunan ganima na ta maimaita kaya ɗaya

Tambaya: Ina haɗa wani ɗan gem da C++ a kan Windows, ina kuma amfani da Visual Studio. Ɗan wasa na shiga kurkuku hawa-hawa yana buɗe akwatuna. Na tsara ganimar haka: takobin itace 60%, takobin ƙarfe 30%, sulke 9%, zoben zinare 1%. Jiya da safe na sake kunna gem ɗin ya fi sau ashirin, takobin itace kawai nake samu. Da rana kuma sai takobin ƙarfe a kowane akwati. Ga kod ɗin, ina na yi kuskure?

```cpp
Kaya budeAkwati() {
    srand(time(NULL));
    double r = rand() / (RAND_MAX + 1.0);
    return zabiKaya(r);
}
```

Amsa: Ɗan'uwa, teburin ganimarka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka gina a cikin `budeAkwati` agogo ne, ba ƙuri'a ba, kuma har tsawon lokacin da hannunsa ke ɗauka kafin ya kewayo za mu iya lissafawa: awa 2 da minti 47. Bari mu bi lissafin tare, domin idan ka gan shi da idonka sau ɗaya, za ka riƙa gane wannan ciwo a kowane yare da kowane injin gem.

`rand()` ba ya jefa ƙuri'a ta gaskiya. Lamba ɗaya yake riƙe da ita a ciki, duk lokacin da aka kira shi sai ya yi mata wani lissafi tsayayye, ya ajiye sabuwar, ya miƙo maka wani yanki nata. Lambar da aka fara da ita ce ake kira sid, wato iri, kuma aikin `srand` kawai shi ne ya ɗora wannan lamba a gurbinta. Sid ɗaya, jerin lambobi ɗaya, yau da gobe da baɗi. A laburaren C na Microsoft, wanda shi ne kake amfani da shi, lissafin bai wuce layi biyu ba:

```c
hali = hali * 214013 + 2531011;
return (hali >> 16) & 0x7FFF;
```

Ana ninka abin da ke ciki da 214013, a ƙara 2531011, sannan a zubar da bit 16 na ƙasa, wato a raba da 65536 a yar da saura, a ɗauki bit 15 da suka biyo. Shi ya sa amsar ke tsayawa tsakanin 0 da 32767.

To ɗauki biro. Idan sid ya zama 1, ninkawa da ƙarawa za su ba ka 2745024, ka raba da 65536 ka samu 41. Idan sid 2 ne, 2959037 ke nan, amsa 45. Sid 3 ya ba da 48, sid 4 ya ba da 51, sid 5 ya ba da 54, sid 6 ya ba da 58. Ka ga yadda suke tafiya a layi? Duk ƙarin 1 a sid yana ƙara 214013 a ciki, kuma 214013 a raba da 65536 ya kama 3.27. Ma'ana lambar farko da `rand()` ke bayarwa bayan `srand` ba tsalle take yi ba, rarrafe take yi, uku ko huɗu a kowane mataki, a kan hanya mai tsawon 32768.

Shi kuwa `time(NULL)` adadin sakan yake bayarwa tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma da ɗaya-ɗaya yake ƙaruwa. Ka haɗa su biyun: kowane sakan lambarka ta farko na matsawa da 3.27. Kafin ta tashi daga 0 ta kai 32767 ta dawo sai ta ci sakan 10,034, wanda shi ne awa 2 da minti 47 ɗin da na faɗa. Kuma da yake `srand` na zaune a cikin fankishin ɗin buɗe akwati, kowane akwati lambar farko yake samu. Ba ka taɓa ganin lamba ta biyu a jerin ba, ko sau ɗaya.

Yanzu ɗora teburinka a kan wannan kewaye. Ina ɗauka `zabiKaya` na bin tsarin da ka lissafo, ƙasa da 0.60 itace, ƙasa da 0.90 ƙarfe, ƙasa da 0.99 sulke, saura zobe. Kashi 60 na sakan 10,034 kusan minti 100 ne, a cikinsu duk akwatin da aka buɗe takobin itace zai bayar, ko sau dubu ka sake kunna gem ɗin. Daga nan sai minti 50 na takobin ƙarfe zalla, sai minti 15 na sulke. Sai kuma wata 'yar taga ta sakan 100 wadda duk akwatin da ke cikin gem ɗinka, a kan kowace kwamfuta mai agogo daidai, zoben zinare yake ɗauke da shi. Safiyar jiya ka faɗa cikin minti ɗarin farko, da rana ka faɗa cikin hamsin ɗin da ke biye. Da ka ƙara haƙuri kaɗan da ka ga sulke na zuba. Wannan taga ta zobe tana zuwa sau takwas ko tara a yini, kuma ba a lokaci ɗaya kullum ba, domin sakan 86,400 na yini ba ya rabuwa daidai da 10,034. Da ka saki gem ɗin a haka, ba za a daɗe ba wani mai naci zai zana jadawalin lokutan zobe ya raba wa 'yan'uwansa.

Kada ka yarda da ni haka nan, gwada da kanka. Wannan ɗan kod zai nuna maka abin da akwati zai samu a sakan goma masu zuwa:

```cpp
time_t t = time(NULL);
for (int i = 0; i < 10; i++) {
    srand((unsigned)(t + i));
    printf("%d\n", rand());
}
```

Za ka ga lambobi goma suna hawa da uku-uku, wani lokaci huɗu. Idan abokinka ya gwada a Linux ya ce shi bai ga haka ba, gaskiyarsa ce: laburaren glibc wani lissafi dabam yake yi, yana kuma zubar da ɗaruruwan lambobi na farko bayan `srand`, don haka rarrafen ba ya fitowa a can. Amma ko a can, akwatuna biyu da aka buɗe cikin sakan ɗaya kaya ɗaya za su bayar, tunda sid ɗinsu ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni haushi game da wannan kuskure shi ne yadda yake tsallake gwaji. Mai shirin zai rubuta gwajin da ke kiran `srand` sau ɗaya, ya ja lambobi miliyan, ya ƙirga, ya ga 60 da 30 da 9 da 1 sun fito tsaf, ya ce an gama. Amma ba hanyar da gem ɗin ke bi ya gwada ba. Kai, ko da ka tattara bayanan duk akwatunan da 'yan wasa suka buɗe cikin wata guda, ƙidayar za ta fito kusa da daidai, domin mutane na wasa a lokuta mabambanta kuma agogon na ratsa kowane yanki gwargwadon faɗinsa. Jimilla ba ta nuna ciwon. Sai ka jera sakamakon bisa lokaci sannan za ka ga itace, itace, itace na minti ɗari a jere. Don haka duk lokacin da kake zargin maimaici, abin da za ka rubuta a fayil abu uku ne ga kowane akwati: sid ɗin da aka yi amfani da shi, ɗanyar lambar da injin ya bayar kafin a juya ta zuwa kaya, da lokacin. Layi ashirin na wannan sun fi ƙidayar miliyan amfani.

Za ka ci karo da magunguna biyu da ake yawan ba juna, kuma dukansu rufa-rufa ne. Na farko, a ce ka koma `rand() % 100`. Nan take abin zai yi kamar ya warke, domin yanzu kewayen 100 ne ba 32768 ba, kuma da tafiyar 3.27 a sakan yana kewayowa cikin kusan sakan 30. Agogon na nan, gudu kawai ya ƙara. Wanda ya buɗe akwatuna uku a ɗaki ɗaya cikin sakan biyar zai samu lambobi makusanta, kuma mai lura zai iya koyon ƙirga sakan kafin ya danna.

Na biyu, a ce ka zubar da lambar farko ka ɗauki ta biyu. Wannan ya fi na farko wayo, mu lissafa shi. Lamba ta biyu ninki biyu ta sha, don haka bambancin sid ɗaya yana zama 214013 sau 214013, kuma bayan an yanke abin da ya wuce gurbi, tsallen da take yi a kowane sakan kusan 10,748 ne. Babban tsalle ne, amma ka lura: 10,748 ya yi kusa da sulusin 32768. Bayan sakan uku ta yi tafiyar 32,245, wato ta dawo inda ta tashi, saura 523 kacal, abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari na hanyar ba. Sakan na ɗaya da na huɗu da na bakwai kusan abu ɗaya za su bayar. An dai ɓoye tsarin, ba a cire shi ba.

Matakin farko na gyara na gaskiya shi ne ka fitar da `srand` daga cikin `budeAkwati`. Sid sau ɗaya ake sa shi, a farkon zagayen wasa, daga nan a bar injin ya ci gaba da jerinsa. Mutane na maimaita `srand` ne bisa zaton suna ƙara wa abin hargitsi, alhali kowane kira komar da injin yake yi bakin ƙofa. Wannan kaɗai zai raba akwatunan ɗaki ɗaya da juna. Sai dai bai gama da kai ba, saboda dalilai biyu.

Na ɗaya, lambar farko ta kowane zagaye har yanzu rarrafe take yi. Duk abin da ya fara jan ƙuri'a a gem ɗinka, ko akwatin farko ne, ko siffar ɗakin farko, ko makamin da ɗan wasa ke farawa da shi, shi ne zai gaji agogon. Na biyu kuma tarko ne da ya keɓanta da laburaren Microsoft: halin `rand()` a can na kowane zaren aiki ne dabam. Idan ka kira `srand` a `main`, sannan wata rana ka mayar da haɗa hawa da cika akwatuna zuwa wani zare na bayan fage don kada allo ya tsaya, wancan zaren bai san da sid ɗinka ba. Zai fara kamar an ba shi 1, domin haka ƙa'idar C ta tanada idan ba a kira `srand` ba. Jerin da zai bayar sananne ne: 41, 18467, 6334, 26500, 19169. A teburinka wannan na nufin itace, itace, itace, ƙarfe, itace, a kowane zagaye har abada. Ka haddace 41 da 18467. Ranar da ka gan su a fayil ɗin bincikenka, ba sai ka ƙara neman komai ba, injin da ba a ba shi sid ba ne ke aiki. A glibc kuma lambar da ke tona wannan asiri ita ce 1804289383.

Shawarata ka rabu da `rand()` gaba ɗaya a harkar ganima. Ba don ya tsufa ba kawai, sai don na kowa ne: tartsatsin wuta da kake zanawa, motsin dodanni, har wani laburare da ka jawo daga waje, duk daga rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma idan ɗaya daga cikinsu ya kira `srand(0)` don wata buƙata tasa, ya tafi da ganimarka. Abin da kake buƙata shi ne sid mai faɗi wanda ba daga agogo kaɗai ya fito ba, da injin da ke hannunka kai kaɗai.

```cpp
std::random_device rd;
uint64_t sidZagaye = (uint64_t(rd()) << 32) | rd();
std::mt19937_64 injinGanima(sidZagaye);
```

`std::random_device` a Visual Studio daga tsarin Windows yake karɓo lambobinsa, kuma suna canzawa a kowane kira. Ana kiransa sau biyu ne don kowane kira bit 32 yake bayarwa, mu kuma 64 muke so. Ka kula idan wata rana ka koma kwamfailar MinGW: kafin GCC 9.2, `random_device` ɗinta jeri ɗaya yake bayarwa duk lokacin da aka kunna shirin, kuma ƙa'idar C++ ba ta hana hakan ba. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka buga `rd()` a allo, ka rufe, ka sake kunnawa, ka duba ko ya canza.

Faɗin sid ba ado ba ne. Idan ka matse shi ya zama bit 16, don ya yi daɗin rubutawa ga 'yan wasa, zagaye 65,536 kawai gem ɗinka ke da su, kuma lissafin yiwuwar karo ya nuna cewa da an yi zagaye kusan 300, damar a samu biyu masu sid ɗaya ta kai rabi. Da bit 32 sai an kai kusan 77,000. Mutum ɗaya ba zai kai nan ba, amma jama'ar da ke yaɗa hotunan wasansu za su kai. Da bit 64 ka manta da zancen.

Sabon injin ma yana da nasa ramukan guda biyu da ke haifar da alamar da ka gani sak. Idan ka rubuta `std::mt19937 inji;` babu sid, zai ɗauki 5489, kuma jerinsa ɗaya ne kullum. Ɗaya ramin ya fi ɓuya:

```cpp
Kaya budeAkwati(std::mt19937_64 inji);   // kwafi
Kaya budeAkwati(std::mt19937_64& inji);  // daidai
```

A layin farko kwafin injin ake miƙa wa fankishin ɗin. Kwafin ya ja lamba, ya matsa gaba, fankishin ya ƙare, kwafin ya mutu, na asalin kuwa bai motsa ba. Akwati na gaba ya sake samun kwafin wuri ɗaya. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan alamar `&` guda ɗaya, ina ta zargin sid, alhali sid ɗin lafiyayye ne, kowane zagaye da nasa, sai dai duk akwatunan zagayen kaya ɗaya suke fitarwa. Wannan ma hanya ce ta rarrabe ciwon: idan kaya na canzawa tsakanin zagaye amma ba ya canzawa a cikin zagaye, injin ne ba ya matsawa. Idan yana canzawa a cikin zagaye amma jerin ɗaya ne a kowane zagaye, sid ne ba ya canzawa. Idan yana canzawa sannu a hankali bisa lokaci, agogo ne, kamar naka.

Akwai tambayar da za ta taso maka nan gaba kaɗan, gara mu taɓa ta yanzu. A gem mai hawa-hawa, yawanci ana so abin da ke cikin akwati ya dogara da sid ɗin zagaye da wurin akwatin kawai, ba da tsarin da aka buɗe su ba. Hakan ne ke ba mutum biyu damar buga sid ɗaya su yi gasa, kuma shi ke ba ka damar maimaita matsalar da wani ya kawo maka ƙara. Hanyar da hannu ke fara kaiwa ita ce `sidZagaye + hawa + akwati`. Kada ka yi. Akwati na 3 a hawa na 2 da akwati na 2 a hawa na 3 duk jimillarsu 5, kaya ɗaya za su bayar. Idan kuma sid ɗin zagaye ma ƙirge ne, hawa na 2 a zagaye na 100 shi ne hawa na 1 a zagaye na 101. Kuma a injuna masu lissafi kamar na `rand()`, har da `java.util.Random`, sid makusanta na ba da lambar farko makusanciya, mun dawo gidan jiya. Maganin shi ne a cuɗa kowane ɓangare kafin a shigar da na gaba, da fankishin ɗin da canjin bit ɗaya a shigarsa ke birkita kusan rabin bit na fitarsa. Matakin cuɗawa na SplitMix64 ya isa:

```cpp
uint64_t cuda(uint64_t z) {
    z += 0x9E3779B97F4A7C15ULL;
    z = (z ^ (z >> 30)) * 0xBF58476D1CE4E5B9ULL;
    z = (z ^ (z >> 27)) * 0x94D049BB133111EBULL;
    return z ^ (z >> 31);
}
```

Sai akwatin ya zama haka:

```cpp
uint64_t s = cuda(sidZagaye ^ RAFIN_GANIMA);
s = cuda(s ^ hawa);
s = cuda(s ^ lambarAkwati);
int r = s % 100;
```

Da yake ana cuɗawa tsakanin hawa da akwati, 2 sannan 3 ba ɗaya ba ne da 3 sannan 2. `r` kuwa ka gwada shi da 60 da 90 da 99. A nan `% 100` ba shi da illa, don lambar mai bit 64 ce kuma a cuɗe take. Yana ma da wata fa'ida: sakamakonsa ɗaya ne a kowace na'ura. `std::uniform_int_distribution` ba haka yake ba, ƙa'idar C++ ta tsayar da jerin da `mt19937` ke bayarwa amma ta bar wa kowane laburare yadda zai juya shi zuwa tazarar da ka nema, don haka sid ɗaya na iya ba da ganima dabam a Windows da Linux.

`RAFIN_GANIMA` wata tsayayyiyar lamba ce da ka zaɓa, taswira ta samu tata, dodanni su samu tasu. Dalilinta shi ne, idan ka ƙirƙiri injuna uku ka ba su sid ɗaya, to inji ɗaya ne ka kwafa sau uku. Lambar farko ta taswira ita ce lambar farko ta ganima, sai ya zama duk zagayen da ya fara da ƙaramin ɗaki takobin itace ne a akwatinsa. 'Yan wasan Slay the Spire sun gano alaƙa mai kama da wannan a gem ɗin, inda injuna da dama suka tashi daga sid ɗaya, har wani abu da ya faru a farkon zagaye ke ba da haske a kan wani da bai kamata ya shafe shi ba.

Wannan tsari na da sakamakon da ya kamata ka zaɓa da saninka. Wanda ya ajiye wasa a gaban akwati, ya buɗe, bai ji daɗi ba, ya sake lodawa, abu ɗaya zai sake samu. Da yawa daga masu haɗa gem haka suke so, don ya toshe wa masu sake lodi hanya. Amma dole `sidZagaye` ya kasance cikin fayil ɗin ajiyar zagayen, kuma dole a jawo sabo duk lokacin da aka danna sabon wasa. Na sha ganin an ajiye shi a fayil ɗin bayanan ɗan wasa, a ce idan babu a ƙirƙira, idan akwai a ɗauka. Ranar farko komai lafiya, daga nan kowane sabon zagaye maimaicin na farko ne. Mai shirin ba ya gani, domin shi kullum yana goge fayilolinsa yayin gwaji.

Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Pokémon Emerald, wanda ya fito a 2004, injinsa daga 0 yake tashi duk lokacin da aka kunna na'urar, shi ya sa masu ƙirga firem ke iya samo abin da suke so ta hanyar danna maɓalli a daidai lokaci. A yaren Go, kafin fitowar 1.20 a 2023, `math/rand` kamar an ba shi sid 1 yake farawa idan ba ka sa naka ba. A Godot 3 sai ka kira `randomize()` da kanka, Godot 4 ne ya mayar da shi kai tsaye. GameMaker ma da sid ɗaya yake farawa har sai ka kira `randomise()`. A tsohon .NET Framework kuma, `new Random()` daga `Environment.TickCount` yake ɗaukar sid, wanda ke matsawa duk bayan kimanin milisakan 10 zuwa 16, don haka dodanni goma da aka ƙirƙira a firem ɗaya, kowanne da nasa `new Random()`, kaya ɗaya za su zubar. Ƙanin kuskurenka ne, sakan kawai aka mayar milisakan.

Bayan ka gyara, gwajin da ya dace shi ne wanda ke bin hanyar gem ɗin. Ka ƙirƙiri zagaye 10,000 ta fankishin ɗin da maɓallin sabon wasa ke kira, ka ɗauki akwatin farko kawai daga kowanne. Ƙidaya ta farko: itace ya zo kusa da 6,000, zobe kusa da 100, kuma idan zoben ya zo 88 ko 112 ba komai, wannan cikin kaɗawar ƙuri'a ne. Ƙidaya ta biyu ita ce mai kama ɓarawon: sau nawa zagaye ya ba da abin da wanda ya gabace shi ya bayar? Lissafinsa shi ne ka ninka kowane kaso da kansa ka tara, 0.36 da 0.09 da 0.0081 da 0.0001, jimilla 0.4582. Kusan kashi 46 cikin ɗari ke nan. Tsohon kod ɗinka zai ba da kusan ɗari bisa ɗari. Idan ka ga adadin ya yi nisa da 46, sama ko ƙasa, da sauran alaƙa tsakanin sid ɗinka.

Wannan 46 ɗin ka riƙe shi don wani dalilin ma. Ko bayan gyara, kusan rabin lokaci zagaye biyu a jere kaya ɗaya za su bayar a akwatin farko, kuma takobin itace sau biyar a jere na da damar kusan kashi 8 cikin ɗari, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha uku zai gamu da shi a zagayensa biyar na farko. Za su rubuto maka cewa ƙuri'ar ta lalace. A lokacin ba sid za ka taɓa ba, teburin za ka duba: ko ka raba kashi 60 ɗin tsakanin kaya huɗu ko biyar masu daraja ɗaya, ko ka sa gem ɗin ya tuna abin da akwatin farko ya bayar a zagayen baya ya rage masa nauyi. Kafin ka yanke wanne ne, ka sa sid ɗin zagaye ya riƙa fitowa a kusurwar allon dakatarwa, domin duk wanda ya kawo ƙara ya turo maka shi, ka saka a naka, ka buɗe akwatin da ya buɗe.